Yadda Ake Adana Kayan Adon Sallah a Jos Su Kai Baɗi Lafiya

Shekarar da na yi asarar kayan adon gidanmu, da hannuna na jawo. Kwana huɗu bayan Babbar Sallah ne, a watan Yuni, an wuni ana yayyafi. Na sauke fitilun da muka zagaye baranda da su, na haɗa da yadin kwalliyar falo, da tauraro da jinjirin wata na kwali, da fitilun ƙwai guda biyu masu batir, na cusa duka a jakar gana-mas-go, na ja zif, na jingina ta a kusurwar sito. Da azumi ya zagayo na buɗe, warin fumfuna ne ya fara tarbata. Yadin ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, kyankyasai sun cinye gefen tauraron, batir ya yi aman farin gari a cikin fitilun, wayoyin kuwa sun zama curi ɗaya. Surukata tana zaune a tabarma tana kallona, ta ce, “'Yar nan, ai ba siton ne ya ci miki kaya ba. Da ruwansu kika rufe su.” Na ce, “Inna, wallahi a bushe na ji su.” Ta ce, “A Jos da damina hannu ba ya gane busasshe.”

Maganarta ce ginshiƙin wannan jagora. Yawancin ɓarnar da ake gani bayan wata tara an yi ta ne tun ranar da aka sauke kayan. Don haka zan fi daɗewa a kan wannan ranar.

Zaɓen ranar saukewa

Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa a ƙarshen rani, Babbar Sallah da Maulidi kuma a cikin damina. Daminar Jos doguwa ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Maƙwabtanmu masu bikin Kirsimeti sun fi mu sa'a ta wannan fanni, domin suna sauke nasu a Janairu cikin hunturu, lokacin da iska take a bushe ƙayau. Su ƙura ce matsalarsu. Mu da muke saukewa da damina, danshi ne.

Ki zaɓi safiyar da rana ta fito. A nan ruwan damina ya fi zuwa da rana tsaka zuwa yamma, saboda haka daga ƙarfe goma zuwa ɗaya shi ne lokacinki. Idan an kwana ana ruwa kuma fitilun a waje suke, ki sauke su ki rataye a cikin ɗaki su yi kwana biyu. Ruwa yana maƙalewa a gindin kowane ƙwan fitila, inda waya ta shiga roba, kuma nan ne tsatsa take farawa. Kafin ki taɓa komai ki zare fulogi daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, musamman ga wadda hannunta ko ƙafarta ke da lema.

Fitilu masu waya

Ki gwada kowace igiyar fitila kafin ki naɗe ta. Wadda rabinta ya mutu ki ware ta yanzu, ko a kai wa mai gyara ko a rabu da ita, kada ta shiga akwati ta ruɗa ki baɗi. Bayan kin zare ta daga wuta, ki bi wayar da yatsu daga farko har ƙarshe da busasshen tsumma, kina share ƙura kina lalube. Inda kika ji robar ta tsage ko kika ga jan ƙarfe ya leƙo, ki tsaya. Yawancin fitilun masu arha da ake sayarwa a kasuwar Taminus kai tsaye suke shan wutar gida, wadda ta kai bolt 230, kuma wayarsu siririya ce. Irin wannan idan ta fashe a wuri biyu ko uku ba na liƙe ta da salatif, jefar da ita nake yi. Yara ne suke fara kai hannu ga fitilar ado.

Sarƙewa tana da dalili. Idan kika naɗe waya a gwiwar hannu kamar igiyar guga, kowane zagaye yana murɗa ta sau ɗaya, sannan bakinta da ke sake yana kutsawa ta cikin zagayen duk lokacin da aka motsa jakar. Ƙwayayen fitilar kuma suna maƙale juna kamar ƙaya. Maganinsa shi ne kowane zagaye ya kwanta a kan abu mai tauri, kuma bakunan biyu su kasance a kame.

Ki yanko kwali mai kauri, tsawon santimita 30, faɗin santimita 20. Ki ɗan tsaga shi a kusurwa ɗaya ta sama da ɗaya ta ƙasa. Ki maƙale wutsiyar fitilar, wato ƙarshen da ba shi da fulogi, a tsagar farko, sannan ki fara naɗewa ta faɗin kwalin, zagaye kusa da zagaye, ba tare da ja da ƙarfi ba. Kowane zagaye yana cin santimita 40, don haka igiya mai mita 10 za ta yi zagaye 25, kuma za su kwanta a jere ba tare da sun hau juna sosai ba. Ki juya kwalin ne a hannunki maimakon ki riƙa zagaya wayar, ta haka ba ta murɗewa. Fulogin shi ne na ƙarshe, ki maƙale wayarsa a tsaga ta biyu. Dalilin barin sa a waje shi ne, ranar ratayewa daga soket ake farawa, sai ki riƙa warwarewa kina tafiya da kwalin a hannu.

Igiya ɗaya, kwali ɗaya. Ki rubuta a jikinsa da maka inda take zama: “baranda”, “tagar falo”, “ƙofar gida”. Ɗan akwatin nan mai maɓalli da ke canza salon walƙiya, ki bar masa sarari, kada wayar ta lanƙwashe daidai inda ta shiga cikinsa, domin a nan ta fi saurin tsinkewa. Idan fitilar mai adafta ce, ki ɗaure adaftar a jikin kwalinta. Adaftoci suna kama da juna a ido amma ƙarfin wutarsu ya bambanta, kuma na taɓa ƙona igiya sabuwa cikin daƙiƙa ɗaya da adaftar wata.

Masu zubowa kamar labule sun fi wuya. Ki shimfiɗa su a ƙasa, ki tattara zaruruwan da ke zubowa biyar-biyar ki ɗaure da tsumma a tsakiya da ƙarshe, sannan ki naɗe babbar wayar ta sama. Siraran nan masu wayar jan ƙarfe kamar gashi kuma, a jikin gorar ruwa busasshiya nake naɗe su, saboda kusurwar kwali tana karya su idan aka maimaita lanƙwasa wuri ɗaya.

Kada ki ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Cikin 'yan watanni takan narke ta liƙe a jikin waya, ko ta bushe ta tsinke. Salatif ma yana barin danƙo mai kama ƙura. Ƙyallen atamfa da aka yanka siri-siri ya fi su duka, kuma tela zai ba ki kyauta.

Batir

Ki cire batir daga komai. Batir da ya daɗe a cikin fitila, musamman wanda ya kusa ƙarewa, yana tsiyayar da ruwa mai cin ƙarfe, wanda ke bushewa ya zama farin gari a kan ƙarafan da batirin yake taɓawa. Idan ya riga ya faru, ki sa leda a hannu, ki jiƙa auduga a tsinke da ruwan lemon tsami ko binega, ki goge garin, ki bar wurin ya bushe sarai. Idan sifirin ɗin ya cinye har ya karye, sai mai gyara. Fitilun sola da masu caji ki yi musu caji, ki kashe makunninsu, kuma ki sake yi musu caji sau ɗaya a tsakiyar shekara, domin batirin da ya zauna fanko wata da watanni yakan ƙi tashi.

Danshi, da lissafin da ya buɗe mini ido

Fumfuna tana samun wurin zama ne idan danshin iska ya daɗe sama da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma da damina ɗakunanmu sukan wuce haka. Mutane da yawa suna tara ƙananan ƙunshin silika, waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, su jefa biyar a akwati su ce an gama. Ga abin da ya sa hakan ba ya isa.

Ɗauki akwatin roba mai cin lita 60. Iskar da ke cikinsa, ko a rana mai danshi, ruwan da take ɗauke da shi bai fi giram ɗaya da 'yan kai ba. Wannan ƙaramin aiki ne ga silika, wadda ke iya shan kusan sulusin nauyinta. Amma yadin auduga, ko da hannu ya ji shi a bushe, yana riƙe da ruwa kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa, da damina ma fiye. Yadi mai kilo biyu ke nan yana ɗauke da ruwa giram 160 ko sama. Kwali ma haka yake sha. Ƙunshin silika goma masu giram biyu-biyu ba za su sha fiye da giram bakwai ba. Ashe silika mai gadi ce kawai: tana tsare abin da ya riga ya bushe, ba ta busar da jiƙaƙƙe. Akwati mai rufi gam kuma yadda yake hana danshi shiga, haka yake hana shi fita.

Saboda haka yadi, ribon, tutoci da rigunan kujera, a wanke su tukuna. Maiƙon naman Sallah da ɗigon lemo ko zoɓo su ne abincin fumfuna da ƙwari. Kada a sa sitati, a bar shi sai ranar da za a yi amfani da su, domin kyankyaso da ɗan ƙwaron nan mai ruwan azurfa da ke cin takarda suna son sitati. A shanya, a goge da dutsen guga mai zafi, sannan a baza su a kan gado su huce na awa ɗaya. Yadin da aka ninke da zafinsa aka rufe yakan yi gumi a cikin roba.

Akwai gwajin da nake yi tun daga shekarar asarata. Ina sa yadin a farar leda mai nuna ciki, in ɗaure bakinta, in ajiye a rana minti ashirin zuwa talatin. Idan cikin ledar ya yi hazo ko ɗigon ruwa, yadin bai shirya ba, sai a ƙara shanya. Kwalayen naɗe fitila ma ina shanya su a rana kafin in yi amfani da su.

Bayan komai ya bushe, sai silika ta yi amfani. Ni ina sa kimanin giram 50 zuwa 100 a babban akwati. Tsohuwar silika da ta daɗe a buɗe ta riga ta ƙoshi, sai an zazzage ta a faranti an gasa ta a obin da wuta kaɗan, wajen digiri 110, na awa ɗaya zuwa biyu, sannan a ƙulle a ƙyalle. A nisanta ta daga yara. Gawayi a tsohuwar safa yana rage wari, amma kada a dogara da shi wajen shan danshi.

Ƙwari da ɓera

Kwali gidan kyankyaso ne. Yana ɓuya a ramukan da ke tsakanin ɓawonsa, yana cin gam ɗin da aka liƙa shi da shi, yana ajiye ƙwansa a ciki. Gara ma tana binsa idan yana ƙasa. Shi ya sa kwalin da ya fito daga shagon kayan abinci ba ya zama mini akwatin ajiya. Wanda zan naɗe fitila a kai ma sai na duba bakinsa na kakkaɓe na shanya.

Abin da ya fi mini aiki, kuma ba tsada, shi ne bokitin fenti mai lita 20 da murfinsa. A wanke shi tas, a bushe. Murfinsa yana kamawa gam, kyankyaso ba ya samun ƙofa, ɓera ma ba ya yi masa saurin da yake yi wa jaka. Ɓera yana gaigayar robar waya, kuma gana-mas-go ba ta tsare masa komai. Don manyan kaya sai akwatin roba mai murfi mai maƙalli.

A kan kafur zan tsaya kaɗan, domin abin yana damuna. Fararen ƙwallayen nan da muke watsawa a akwati suna korar asu idan akwatin a rufe yake, amma da yawansu sinadarin naftalin ne, mai guba. Yaro yakan ɗauka alewa ce. Kuma akwai yara da yawa a ƙasar nan da aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jininsu, wanda likitoci ke rubutawa G6PD, waɗanda ko tururin kafur a jikin tufafi yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani, musamman jarirai. Gidan da ke da jariri ko mai rarrafe, ni dai ba na ba da shawarar kafur. Ga shi kuma yana iya ɓata wasu kayan roba idan ya taɓa su. Ina amfani da busasshen ganyen darbejiya da kanumfari a ƙulle a ƙyalle. Ƙarfinsu bai kai na kafur ba, kuma ba sa kashe ƙwai. Tsabta da murfi mai kamawa su ne ainihin kariyar. Ganyen kuma sai ya bushe har yana ruɓushewa a hannu, ɗanye danshi zai ƙara.

Ƙwarya mai zane, faifai da kayan kaba ko na itace ba na rufe su a roba. Suna son iska. Ina sa su a tsohuwar rigar filo in rataye. Idan kika ga ƙananan huda da gari mai laushi yana zuba daga ƙwarya, ƙwaro yana ciki. Ki ware ta nan take, ki ɗaure ta a baƙar leda ki bar ta a rana mai zafi wuni biyu ko uku, sannan ki kakkaɓe ki sa ido a kanta kafin ta koma cikin 'yan'uwanta.

Masu fashewa

Abu yana fashewa a akwati ne idan yana da wurin motsi ko an ɗora masa nauyi. Ƙwallayen ado na gilas ko na roba mai ƙyalli, kiret ɗin ƙwai ne gidansu, kuma a Jos da gonakin kaji ba a rasa shi. Kiret ɗaya yana da gurbi 30. Ki nemi sabo ko na roba da aka wanke, domin wanda ƙwai ya fashe a ciki yana kiran kyankyaso. Kowace ƙwallo a gurbinta, a kifa wani kiret a kai, a ɗaure da ƙyalle. Manya waɗanda ba su shiga gurbi, a naɗe kowanne a tsohuwar safa. Jarida tana barin tawada a jikin fararen kaya, idan babu sai ita, a fara sa farar takarda. Fitilar ƙwai ta gilas a cika cikinta da tsumma, a tsayar da ita a tsaye.

Tauraro, wata da haruffan kwali a kwantar da su tsakanin kwalaye biyu masu faɗi kamar littafi. Bana mai rubutun Barka da Sallah a naɗe ta a guntun bututun ruwa na roba, rubutun yana waje, domin ninki yana tsaga fenti. Balan-balan mai ƙyalli ana iya zura mata tsinken shan lemo ta bakinta a matse iskar a hankali a adana. Ta roba da aka riga aka hura ba ta ajiyuwa.

Wajen jerawa, mai nauyi a ƙasa, mai fashewa a sama, a cike gurabe da tsumma. Ki rufe ki ɗan girgiza akwatin. Idan kin ji ƙara, akwai abin da ke yawo, ki buɗe ki ƙara cikawa. A gidana yanzu kayan sun kasu uku: bokiti ɗaya na igiyoyin fitila shida a tsaye kamar littattafai da adaftocinsu, bokiti na biyu na yadi da ribon, sai akwatin roba na ƙwallaye 24 da fitilun gilas da furannin roba a can sama. Ba na haɗa yadi da waya, saboda ƙwan fitila yana jan zare. A jikin kowanne na liƙa takardar abin da ke ciki.

Inda za a ajiye

Siminti yana jawo danshi daga ƙasa, bangon da ruwan sama ke duka ma haka. Ki ɗaga kayan daga ƙasa aƙalla santimita 15, a kan bulo biyu da katako, wanda guntayensa ba su da tsada a kasuwar Katako, kuma ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Bangon da ke jingine da banɗaki ko wanda fentinsa ke ɓarewa daga ƙasa, a guje shi. Cikin silin ma ba wuri ba ne. Zafin kwano da rana yana sa robar waya ta yi tauri ta tsage, yana narkar da gam da kyandir, da dare kuma sanyin Jos ya sauko raɓa ta taru a ƙarƙashin kwanon. Ga ɓeraye, ga yoyo. 'Yan'uwanmu na Abuja, inda zafi ya fi namu nesa ba kusa ba, su ne ma suka fi bukatar kiyaye wannan. Saman durowar kaya a ɗakin da ake kwana ya fi ko'ina, domin ana buɗe taga, iska tana zagayawa, kuma ido yana kai.

A ƙarshen Agusta, ranar da rana ta samu, nakan sauke bokitan in buɗe. Hanci nake fara sawa. Idan na ji warin ƙasa-ƙasa, ko na ga hazo a cikin murfin, ko ɗigon baƙi kamar barkono a gindin bokiti, wanda kashin kyankyaso ne, sai in fitar da komai in shanya, in wanke bokitin, in gasa silikar. Idan babu ko ɗaya, nakan bar su a buɗe a rana minti talatin, in yi wa fitilun sola caji, in bari kayan su huce a inuwa, sannan in mayar da murfi.